Daga Ɗamarar Kuɗi Zuwa Iyakar Waya: Yadda Biyan Babban Ciniki Ya Sauya a Tuboro

Fataken da suka ci kasuwar Mbaibum a shekarun 1990 ba su san wani abu wai shi iyakar tura kuɗi ba. Iyakar mutum ita ce abin da zai iya ɗaurewa a ƙugu, da kuma abin da zuciyarsa za ta iya jure rasawa idan aka tare hanya. Kasuwar tana cikin ƙasar Tuboro, a gundumar Mayo Rai, daf da inda Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗa iyaka. Duka ƙasashen uku sefa ɗaya suke kashewa, shi ya sa ɗan Bangi da ɗan Mundu da ɗan Garwa ke yin ciniki ba tare da neman ɗan canji ba. Ga kuma auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, yana da injin gurzar auduga a Tuboro, kuma idan kakar biyan manoma ta zo kuɗi tsaba ne ke malala cikin ƙauyuka. Shanu, gyada, masara, atamfa, babura da kayan gyaran mota daga Najeriya, duk da takardar kuɗi ake biyansu hannu da hannu.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, alhali babbar takardar kuɗi ba ta wuce ta jaka goma ba, har yau ma ita ce babba. Wanda zai sayi mota ko garken shanu sai ya ɗauki ɗaruruwan takardu a jikinsa. Zargina, wato 'yan fashin da ke datse hanya, sun san da haka sarai, sun kuma san ranakun kasuwa. Masanin tarihi Saibu Isa ya rubuta littafi guda kan wannan fashi na yankin Tafkin Cadi, ya fito a 2010, kuma duk wanda ya girma tsakanin Ngaundare da Tuboro yana da labarin da zai ƙara a kai. Fatake sukan raba kuɗi a hannun yara uku ko huɗu, kowa ya shiga mota daban, wasu su cusa a buhun hatsi. Da aka matsa wa masu tare hanya lamba, sai ta'adi ya koma ɗauke mutane don neman kuɗin fansa, kuma makiyaya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Banki bai zama mafita ba a lokacin. Bankuna da dama sun durƙushe a Kamaru a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, abin da ya sa aka kafa hukumar sa ido kan bankunan yankin, COBAC, a 1990. Mutumin da ya ga ajiyar maƙwabcinsa ta maƙale ba ya saurin kai tasa. Ban da haka, manyan rassan bankuna suna Garwa da Ngaundare, tafiyar sama da kilomita 200, kuma kafin a shimfiɗa kwalta daga Ngaundare zuwa Tuboro har Mundu a tsakiyar shekarun 2000, tafiya ce ta wahala, musamman da damina.

Sauƙi na farko ya zo ne ta kanta. Express Union, wanda aka kafa a 1997, ya baza ƙananan ofisoshi har garuruwan da banki bai taɓa takawa ba. Ka ba da kuɗi a Tuboro, ɗan'uwanka ya karɓa a Ngaundare cikin mintuna, da katin shaidarsa. A nan ne ɗan kasuwa ya fara haɗuwa da wata irin iyaka, amma ta aljihun ofis ce: idan akwatin kuɗin reshen da za a karɓa bai kai ba, sai a ce a dawo gobe. Wannan iyaka ba ta mutu ba, tana nan a kowace rumfar mai cire kuɗi har yanzu.

Sai waya ta shigo. MTN ya fara asusun kuɗi na waya a Kamaru a 2010, Orange ya biyo baya a 2011, kowannensu da bankin da ke tsaya masa, domin a lokacin banki kaɗai doka ta yarda ya fitar da kuɗin waya. Da *126# ko #150# mutum ya sami abin da bai taɓa samu ba, wato ajiyar da ɗan fashi ba ya gani a jikinsa. Amma tun ranar farko an ƙera wannan asusu don ƙananan hidimomi: kuɗin makaranta, kuɗin magani, aike ga iyaye. Ana buɗe shi a bakin titi cikin minti biyar, ba tare da an tambayi sana'ar mutum ko inda yake samun kuɗi ba. Tunda ba a san mai asusun sosai ba, sai aka taƙaita abin da zai iya yi. Iyakar tana kuma kare shi kansa, domin wanda ya saci wayarka ya san lambar sirrinka ba zai iya kwashe fiye da abin da aka yanka na rana ba kafin ka kai ƙara.

Daga nan tarihin iyaka ya zama tarihin takardu. A watan Satumban 2015, lokacin da yaƙi da Boko Haram ya yi zafi a Arewa Mai Nisa, gwamnati ta fitar da dokar da ta tilasta rajistar kowane layin waya da katin ɗan ƙasa, ta kuma hana mutum ɗaya mallakar fiye da layi uku a kamfani ɗaya. A 2016 ƙasashen CEMAC suka sabunta dokarsu ta yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda ta ɗora wa bankuna da masu tura kuɗi nauyin sanin abokin hulɗarsu da kai rahoton duk motsin kuɗi mai alamar tambaya ga hukumar binciken kuɗi ta ƙasa, ANIF. Ranar 21 ga Disamban 2018 aka sa hannu kan dokar hidimomin biyan kuɗi, wadda ta fara aiki a farkon 2019, ta ba kamfanonin da ba banki ba damar samun lasisin kansu a ƙarƙashin idon COBAC. A ƙarƙashinta ne daga baya kamfanonin waya biyu suka ware sashen kuɗinsu ya zama kamfani mai zaman kansa. Dokar kasafin 2020 ta sa lambar mai biyan haraji, NIU, cikin sharuɗɗan buɗe asusun banki. A watan Yunin 2023 kuma hukumar duniya mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta saka Kamaru a jerin ƙasashen da ake ƙara bibiya, abin da ya ƙara wa ma'aikatan banki taka-tsantsan.

Duk wannan ya faɗo kan ɗan kasuwar Tuboro ta hanya ɗaya: girman abin da zai iya turawa ya dogara ne da ingancin takardunsa, ba da yawan dukiyarsa ba. Ina ganin nan ne rashin adalcin yake, domin shekaru da yawa dubban mutane a Kamaru sun zauna da takardar wucin gadi ta katin ɗan ƙasa, ana ta sabunta mata hatimi, katin bai fito ba. Mai shanu ɗari biyu wanda ba shi da takardar haihuwa yana ƙasa da ƙaramin ma'aikaci a idon na'ura. An fara sabon tsarin katin a farkon 2025, kan jaka goma, kuma duk mai niyyar yin babban saye nan gaba, wannan katin ne abin da ya kamata ya fara nema tun kafin ya fara taya kaya.

Abin da ke rikita mutane shi ne iyakar ba ɗaya ba ce. Akwai ta turawa sau ɗaya, akwai ta jimillar rana, akwai ta wata, akwai kuma ta abin da asusu zai iya riƙewa. A jadawalin farashin da kamfanonin waya biyu suka daɗe suna mannawa a rumfuna, turawa sau ɗaya tana tsayawa a miliyan 1, cirewa sau ɗaya kuma a 500,000. Sauran iyakokin suna bin matakin asusu, kuma ana sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka a ofishin kamfani ake tambayarsu, ba a wurin abokai ba. Saƙon da ya dawo a allo yakan nuna wacce ce ta tsayar da kai, galibi da kalmar plafond a ciki. Idan miliyan 1.2 ya ƙi tafiya amma miliyan 1 ya tafi, iyakar sau ɗaya ce. Idan da safe ya tafi da yamma ya ƙi ko da kaɗan ne, ta rana ce ta cika. Idan farkon rana ce, ba ka tura komai ba, amma ya ƙi, to ka duba ta wata, ko ka tambayi mai karɓa ko nasa asusun ne ya cika. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ko an ɗaga maka taka har sama ba za ta gyara komai ba.

Mu ɗauki misali a bi shi daki-daki. Wani mai sayen masara da gyada a Tuboro ya gaji da hayar mota, ya sami babbar mota ta hannu a wurin wani dillali mai rajista a Ngaundare, an daidaita a kan sefa miliyan 8.4. Yana da miliyan 3.4 a asusun waya, da ɗan abin da ya haura miliyan 5 a wani banki a Ngaundare. Mu ƙaddara cewa iyakarsa ta rana a waya miliyan 1.5 ce, ta manhajar bankinsa kuma miliyan 2.

Idan ya ce da waya kaɗai zai biya, kwana shida zai yi: kwana biyar yana tura miliyan 1 sannan 500,000, rana ta shida ya tura 900,000. Turawa goma sha ɗaya ke nan, kowacce da ladanta. Tun ranar 1 ga Janairun 2022 akwai harajin 0.2 cikin ɗari a kan turawa da kuma a kan cirewa, wato 16,800 a wajen turawa, wani 16,800 idan dillalin ya cire, kuma dillalin sai ya cire sau goma sha bakwai. Tura kuɗi daga asusun banki zuwa asusun banki ba ya cikin wannan haraji. Amma ba kuɗin ladan ne babbar matsala ba. Matsalar ita ce kwana shida ɗin. A rana ta uku ya biya fiye da rabi, motar ba ta hannunsa, takardunta ba su hannunsa, kuma idan asusun ya tsaya a rana ta huɗu saboda iyakar wata, ba shi da ƙarfin ciniki ko kaɗan.

Hanyar da ta fi ita ce ya tattara kuɗin wuri ɗaya, a banki, ya nemi a ɗaga masa iyaka na ɗan lokaci. Aikin yana farawa kamar mako guda kafin ranar biya. Da farko ya duba cewa sunan da ke katinsa na ɗan ƙasa shi ne ke kan layin wayarsa, shi ne ke kan asusun banki, shi ne ke kan takardar NIU. A arewacin Kamaru wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin suna ɗaya ana rubuta shi iri uku da haruffan Faransanci, kuma layuka da yawa an yi musu rajista da katin wa ko ƙane tun shekarun baya. Idan layin ba da sunansa yake ba, ba wanda zai saurari buƙatarsa a kai, kuma haɗa asusun wayar da na banki ma ba zai yiwu ba. Da zarar wannan ya daidaita, sai ya fara kwashe miliyan 3.4 ɗin zuwa banki, wanda a ƙarƙashin iyakar da muka ƙaddara zai ci kwana uku. Idan ta hanyar cirewa a rumfa zai bi, ya sanar da mai rumfar tun jiya, kada kuma ya zaɓi ranar kasuwa, lokacin da kowa ke neman tsaba. Ya riƙe kowace shaida ta cirewa da zubawa, domin banki na da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya fito, musamman idan tsaba ce mai yawa ta shigo asusun da ba a saba ganin haka a cikinsa ba.

Daga wurin dillali yana buƙatar takardar farashi mai ɗauke da sunan kamfanin, da bayanin motar har lambar jikinta, da jimillar kuɗi, da lambar asusun da za a biya. Lambar asusun banki a Kamaru, wadda ake kira RIB, alƙaluma 23 ce: biyar na banki, biyar na reshe, goma sha ɗaya na asusun, biyu na tantancewa. Ya karɓe ta a rubuce a kan takardar banki, ba a saƙon waya ba, ya kuma tabbatar sunan mai asusun shi ne sunan da ke kan takardar farashi. Idan dillali ya ce a tura wa ƙaninsa, a nan ya kamata ciniki ya tsaya har sai an yi bayani.

Sai wasiƙar neman ɗaga iyaka, zuwa ga jami'in da ke kula da asusunsa. Gajeriya ce, amma abu huɗu ba sa ɓacewa a cikinta: nawa ake so, daga wace rana zuwa wace rana, don me, kuma ga wa. Zai fi kyau ya nemi miliyan 9 na kwana uku maimakon miliyan 8.4 cif na rana ɗaya, saboda ladan banki da duk wani abin da ya tura a ranar suna iya shiga lissafi, kuma idan na'ura ta tsaya a ranar farko yana da sauran kwana biyu. Ya haɗa da kwafin katinsa da takardar farashi, da shaidar sana'a idan yana da ita. Wasu bankunan suna karɓar buƙatar ta manhaja ko ta waya su sake kiran mutum don tabbatarwa, wasu sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Wannan tambaya ce da ya kamata mutumin Tuboro ya yi tun ranar da yake buɗe asusu, tunda amsarta ce za ta nuna ko kowane babban saye zai ci masa kuɗin mota zuwa Ngaundare.

Ana ƙin buƙata ne yawanci saboda dalilan da ake iya hangowa. Katin shaida ya ƙare aiki ba a kai sabo ba. Asusun sabo ne, ko ya daɗe a kwance, sai ga miliyoyi sun shigo cikin mako ɗaya. Sana'ar da aka rubuta ranar buɗe asusu, a ce manomi, ba ta yi daidai da kuɗin da ke motsi ba. Maganin wannan na ƙarshe shi ne ɗan kasuwa ya riƙa bi da cinikinsa ta asusun a tsawon shekara, ko da rabinsa ne, domin jami'in banki tarihin asusun yake karantawa, bai san rumbunan da ke Tuboro ba.

Idan an amince, ya shigar da dillalin cikin jerin masu karɓa tun kwana ɗaya kafin biya, saboda wasu manhajoji ba sa barin a tura babban kuɗi ga sabon suna nan take. Ya fara da ɗan kaɗan, kamar jaka goma, ya ji dillalin ya ce ya gani. Idan bankinsu ɗaya, kuɗi yakan shiga a ranar. Idan bankuna daban ne, zai bi ta SYSTAC, tsarin da babban bankin yankin, BEAC, ya kafa a 2007 don biyan da bai kai miliyan 100 ba, kuma wannan tsari ranakun aiki kaɗai yake tafiya. Umarnin da aka ba da bayan Azahar ranar Juma'a yana iya kwana har Litinin ko Talata. Talata da safe ta fi, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa makulli da takardun mota za su canja hannu da zarar kuɗi ya bayyana a asusun dillali.

Ga wanda zai je Ngaundare ko ta yaya don karɓar motar, ra'ayina shi ne ba ya ma buƙatar a ɗaga masa komai. Iyakar manhaja ta manhaja ce. Umarnin tura kuɗi da ya sa wa hannu a gaban ma'aikacin banki ba ya ƙarƙashinta, haka ma cakin da banki da kansa ya rubuta da sunan mai sayarwa bayan ya cire kuɗin daga asusun mai saye. Mutane da yawa suna ɓata mako suna neman ɗaga iyaka don abin da takarda ɗaya a kanta za ta gama. A ɓangaren waya kuma, abin da ake samu ba ɗagawa ta kwana uku ba ce irin ta banki. Ana hawa mataki ne ta hanyar cika bayanan shaida a ofishin kamfani, ko a buɗe asusun 'yan kasuwa da takardun rajistar kasuwanci, kuma duk da haka akwai inda doka ta tsayar.

Akwai dabarar da ta zama ruwan dare a kasuwanni, wato a raba kuɗin a layukan mata da yara da yaran shago, kowa ya tura nasa kason. Tsohuwar dabarar raba kuɗi a motoci ce ta dawo ta waya, sai dai yanzu tana jawo abin da ake gudu. Layuka shida da ke tura kuɗi daf da iyaka zuwa lamba ɗaya cikin awa ɗaya, wannan ita ce ainihin alamar da aka koya wa na'ura ta kama, kuma sakamakon yana iya zama rufe asusun mai karɓa da kuɗin a ciki har a gama bincike. Ko ba a rufe ba, idan rigima ta tashi mai saye ba shi da shaida guda da ke nuna shi ne ya biya miliyan 8.4.

Ɓarayi ma sun bi kuɗi zuwa waya. Ana kiran mutum a ce daga kamfani ne, an ga yana ta ƙoƙarin tura kuɗi, za a ɗaga masa iyaka idan ya faɗi lambar da aka aiko masa ko ya danna wasu alƙaluma ya sa lambar sirrinsa. Babu banki ko kamfanin waya da ke buƙatar lambar sirrin mutum don ɗaga masa iyaka. Saboda irin wannan ne ma ya kamata, bayan an karɓi mota, a duba cewa iyakar ta koma miliyan 2 kamar da. Idan ba ta koma da kanta ba, a rubuta a nemi a mayar da ita.

Idan sayen na ƙetare ne, lissafin ya rabu biyu. Mundu da Bangi suna cikin CEMAC, kuɗi ɗaya ne, kuma tun 2020 tsarin GIMACPAY ya haɗa asusun waya da na banki a ƙasashen yankin shida, kodayake iyakokin asusu suna nan yadda suke. Yola da Mubi da Kano kuwa waje ne. Dokar canjin kuɗi da ta fara aiki a watan Maris na 2019 ta yanka sefa miliyan 5 ga mutum ɗaya a tafiya ɗaya don biya ko cirewa da kati a wajen yankin, da miliyan 1 a wata don saye ta intanet, kuma abin da ya haura haka sai da takardun hujja. Wannan ba iyakar da manajan reshe zai ɗaga don sanayya ba ce, domin shi ma BEAC yake ba amsa. Wanda zai shigo da injin niƙa ko mota daga Najeriya da darajarta ta kai miliyan 5, sai ya buɗe fayil ɗin shigo da kaya a bankinsa da takardar farashin mai sayarwa, kuma ya ware wa wannan aiki makonni kafin ranar da ya yi alkawarin biya.